Kwalaye biyu sun lotse a hanya: in karɓa in sa hannu, ko in ƙi karɓa?

"'Yan'uwa a taimaka da shawara. Na yi odar na'urorin auna jini kwali tara ta jirgin sama, jibi kamfanin jigila zai kawo mini. Ma'aikacinsu ya turo hoto daga sito, kwalaye biyu sun lotse, ɗaya har da huda. Mai sayarwa ya turo mini hotunan ɗaurin kayan tun kafin su taso. Wani ya ce in ƙi karɓa gaba ɗaya, wani ya ce in karɓa daga baya in nemi diyya. Wanne ya fi?"

Malam, karɓi kayanka. Amma kada biro ya taɓa takardar karɓa sai ka rubuta ɓarnar a jikinta, direba yana tsaye yana kallo. Na gwada hanyoyin biyu da kayana, ɗaya ta dawo mini da kuɗina, ɗayar kuma har yau in na tuna ta sai raina ya sosu.

Bari in fara da wadda ta yi mini rana. Kawunan keken ɗinki na masana'anta na yi oda, kwali 14, kowanne kilo 31. Da aka sauke su sai na ga biyu ba lafiya. Ɗaya kusurwarsa ta nutse kamar an jefo shi daga sama, ɗayan kuma yana da huda biyu a jere a gefensa, irin wadda haƙoran motar ɗaga kaya ke yi. Direba ya miƙo takarda yana ta duba agogo, wai in sa hannu kawai, in akwai matsala in kira ofis. Ban karɓi biron ba sai da na ɗauki kwalayen hoto suna cikin motar tukuna, lambar motar tana fitowa a hoton, sannan na ɗauki lambar webil, wato takardar jigilar kayan, da ke manne a jikin kowanne. Muka yanke salatif a gabansa. Na farko gindin ƙarfensa ya tsage, na biyu kuma ƙafar juyawa ce ta karye. A kan takardar na rubuta: kwali na 6 ya lotse a kusurwa, gindin keke ya tsage, kwali na 11 an huda shi sau biyu, ƙafar juyawa ta karye, sauran 12 ba a buɗe ba tukuna. Na sa kwanan wata da lokaci, na sa shi ma ya sa hannu, na ɗauki takardar hoto kafin ya naɗe ta.

Waɗannan layukan uku su ne ƙashin bayan maganar duka. Sa hannu ba tare da wani rubutu ba shaida ce cewa kayan sun iso lafiya, daga nan kuma kai ne za ka sha wahalar tabbatar da cewa ba a shagonka suka fashe ba. Kuma ka guji rubuta "ban duba ba" ko "sai na bincika" kaɗai, wannan bai nuna wata ɓarna ba. Faɗi lambar kwali, faɗi abin da idonka ya gani. In takardar a waya ce ake sa hannu da yatsa, ka ce a buɗe maka wurin rubuta bayani kafin ka zana komai, in babu, rubuta a takarda ta daban ku sa hannu ku biyu.

To ina amfanin hotunan ɗauri? Amfaninsu na zuwa ne a zagaye na biyu. Bayan na aika takardar neman diyya, amsar farko da kamfanin ya ba ni ita ce ɗaurin kayan ne bai yi kyau ba. Kada wannan ya ba ka mamaki, ƙofa ce da doka ta bar musu: in ɓarnar ta samo asali daga rashin kyan ɗaurin da wani ya yi, ba su ba, to ba sa biya. A nan hotunan suka yi aikinsu. An ga keken zaune cikin soso mai kauri sama da ƙasa, an ga kwalin a rufe da ɗamara biyu, kuma mafi muhimmanci, an ga lamba 6 da lamba 11 da aka rubuta da alƙalamin maka a jikin kwalayen. Na haɗa da takardar da kamfanin ya bayar ranar da ya karɓi kayan daga mai sayarwa, wadda babu ko kalma ɗaya a kanta da ke cewa kwali ya zo musu da rauni. Sai maganar ta tsaya da ƙafafunta: lafiya suka karɓa, a hude suka kawo, tsakanin nan kuwa kayan a hannunsu suke. Babu soson da zai tare haƙorin motar ɗaga kaya. Wajen mako tara aka yi ana kai da komo, suka biya kuɗin keken da ya tsage da kuɗin gyaran ɗayan.

Don haka ka buɗe hotunan da aka turo maka yau, ba jibi ba. Ana ganin wata lamba ko alama da za ta haɗa hoton da kwalayen nan biyu? Ana ganin cikin kwalin kafin a rufe, ko bayansa kawai aka ɗauka? Hoton kwali a rufe ba ya gaya wa kowa abin da ke ciki. Kuma ka nemi a turo maka ainihin hotunan ta imel, domin manhajojin hira sukan goge kwanan watan da ke ɓoye a cikin hoto.

Ƙin karɓa kuwa, sau ɗaya na yi, ban sake ba. Kwali ɗaya ne ya jiƙe cikin ashirin, zuciya ta ɗebe ni na ce a koma da su duka. Suka koma sito, kuɗin ajiya ya fara hawa kaina kullum, kuma ban ga cikin ko kwali ɗaya ba balle in san abin da zan nema. Da na je ɗaukar kayan bayan makonni, jiƙaƙƙun sun zama uku, ba kuma wanda ya iya cewa yaushe. Ina ganin amfaninsa ne kawai in kayan ba naka ba ne, ko sun dagargaje duka, ko wani abu mai haɗari na zuba daga ciki. Ko a nan ma sai ka rubuta dalilin a takardar ka ɗauki hoto. Kwali biyu cikin tara bai kai nan ba.

Yanzu maganar lokaci, don nan ake faɗuwa. Kayan da suka tsallaka ƙasa ta jirgin sama galibi suna ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal ta 1999, ita kuma kwana 14 ta bayar daga ranar karɓa a kai ƙorafin ɓarna a rubuce. In sun wuce, sai dai a yi haƙuri. Kiran waya ba ƙorafi ba ne, ko da wanda ya ɗauka ya rantse zai duba. Da ta ruwa suka zo, ƙa'idojin Hague-Visby kwana 3 kacal suka ba ɓarnar da ba a gani daga waje. Ni ba na ƙirga kwanaki: ranar da na karɓa, ranar nake aika imel. Kuma a daren nan nake buɗe sauran kwalayen, don kwalin da ya yi kyau a waje yana iya ɓoye fasasshen abu. Na'urori irin naka ma sai ka kunna kowace ɗaya.

Takardar farko ba ta buƙatar tsawo. Lambar webil, ranar karɓa, kwalayen da abin ya shafa, irin ɓarnar, da jimla ɗaya da ke cewa ka ɗora musu alhakin kuma kana neman diyya, adadin kuɗi zai biyo baya. Ka aika wa kamfanin da sunansa ke kan webil ɗinka, in kuma akwai dillalin jigila a tsakani, ka aika wa shi da kamfanin jirgin duka. Daga baya ka bi da rasit ɗin sayen kayan, jerin abin da ke cikin kowane kwali, hotunan ɗauri, hotunan sauka, takardar karɓa mai rubutunka, da ƙiyasin mai gyara a rubuce. Kwalin da ya lotse da sosonsa kuma kada yara su kwashe, kada ka gyara komai sai sun turo mai dubawa ko sun rubuto cewa ba sa buƙata.

Akwai abin da ba zan ɓoye maka ba. Kamfanin jigila da kilo yake biya, ba da tsadar kaya ba. Lokacin nawa iyakar diyyar ita ce SDR 22 a kowane kilo, SDR kuwa ma'aunin kuɗi ne na Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Kwalayena biyu kilo 62 ne, iyakar ta kama SDR 1,364, asarata kuma ba ta kai haka ba, shi ya sa aka biya ni cif. Daga ƙarshen Disambar 2024 an ɗaga iyakar zuwa SDR 26 a kowane kilo. Keken ɗinki ƙarfe ne mai nauyi, naka kuwa kaya ne marasa nauyi masu tsada. In kwalinka kilo 8 ne, biyu sun ba da 16, iyakarka SDR 416 ke nan ko nawa ka saye su, sai fa in an bayyana darajar kayan a webil an biya ƙarin kuɗi tun farko. Abu ɗaya da zai iya taimakonka: in abin da ya lalace ya rage darajar wasu kwalayen da ke kan webil ɗaya, misali na'urar tana kwali ɗaya kayan haɗinta suna wani, to nauyinsu ma yana shiga lissafi.

Ba ka tambaya ba amma zan faɗa. Ka yi hattara da mai sayarwar da zai ce maka "kada ka damu, akwai inshora". Na taɓa biyan wani kuɗin inshorar, ranar da na nemi takardarta sai ya koma turo mini gaisuwa. In da gaske ne akwai takarda mai lamba da sunan kamfanin inshora, ka ce ya turo ta kafin jibi, ka sanar da su ranar da ka karɓi kayan, domin su ne za su cike giɓin da kilo ya bari. Wasu kuma hotunan ɗauri iri ɗaya suke tura wa kowane mai saye. In ka ga launin salatif ko rubutun jikin kwalin hoton ya bambanta da wanda aka sauke maka, to rigimarka da mai sayarwa ce kafin ta zama da kamfanin jigila.

Hoton nan da ma'aikacinsu ya turo daga sito, ka adana shi tare da saƙon da ya zo da shi, don ya nuna kwalayen sun lotse tun suna hannunsu. Jibi ka tanadi biro da wuƙar yanka salatif, ka sa wani ya riƙe waya yana ɗaukar bidiyo tun daga buɗe ƙofar mota.