Wata biyu da ƴar na'urar Tetris: a mataki na 8 take fara gwada mutum

Na saye ta jaka bakwai a babbar kasuwar Maraɗi, ƴar na'urar wasa mai shiga aljihu, babu sunan kamfani a jikinta. An cika ta da tsofaffin wasanni, amma ɗaya ne ya riƙe ni: Tetris, wasan jera tubalan da ke faɗowa cikin rami, inda duk layin da ya cika sai ya share, irin wanda Nintendo ta fitar wa na'urarta ta NES a 1989. In wuta ta ɗauke da dare, shi muke karɓa-karɓa a fada kafin shayi na biyu ya nuna.

Duk wanda ya karɓa a fadarmu, wuri ɗaya yake faɗuwa, tsakanin mataki na 8 da na 9. Ƙanena yakan ce, "Yaya, wallahi da gangan take zabura." Gaskiyarsa, kuma akwai lissafi a ciki.

Ramin wasan layi 20 ne a tsaye, gida 10 a kwance. Siffofin tubalan bakwai ne, ba su ƙaruwa, ba su canzawa. Da gudu bai ƙaruwa, wanda hannunsa ya faɗa sai ya kwana yana jerawa, wasa ya ƙi ƙarewa. Don haka a tsarin A-TYPE, wanda ake ci gaba da yi har ramin ya cika, in ka fara daga 0, duk layi 10 da ka share sai LEVEL, wato mataki, ya hau ɗaya, tubalan su ƙara sauri, maki ma su ƙara kauri. Share layi huɗu a tashi ɗaya maki 1200 ne a mataki na 0, a mataki na 9 kuwa 12000.

Yadda aka tsara hawan ne ya fi burge ni. Allon yana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, kuma da waɗannan ƙiftawa ake auna faɗuwa. A mataki na 0 tubali yana jiran ƙiftawa 48 kafin ya sauko layi ɗaya, wato wajen daƙiƙa 15 daga sama har ƙasa. Kowane mataki sai a cire 5: 43, 38, 33, haka har 13 a mataki na 7, sannan 8 a mataki na 8. A takarda ragi ɗaya ne, a hannu ba haka ba. Cire 5 daga 48 ƙarin gudu ne na wajen kashi ɗaya cikin goma, ba ka ma jin sa. Cire 5 daga 13 kuwa ya ƙara gudu fiye da rabi a lokaci guda. Zaburar da ƙanena yake ji ke nan.

Daga nan hawan ya koma matakala mai faɗi: 6 a mataki na 9, 5 daga na 10 zuwa na 12, har ya kai 2 a na 19, 1 a na 29, inda tubali yake dira cikin sulusin daƙiƙa.

Amma abin da ke kada mutum shi ne tafiyar gefe, don ita ba ta ƙara sauri. In ka danne maɓallin hagu, tubali yana matsawa gida ɗaya nan take, ya jira ƙiftawa 16, sannan ya riƙa matsawa duk ƙiftawa 6. Kai doguwar sanda bangon hagu gida biyar ne, ƙiftawa 34. A mataki na 0 ko layi ɗaya ba ta sauko ba. A na 9 ta sauko layi biyar. A na 13 ta sauko takwas, kuma in tulinka ya wuce rabin rami sai ta maƙale a hanya. Tun da na gane haka na daina tara gini da tsawo ina jiran sanda, kuma sau biyu na kai mataki na 12.

Ita na'urar, allonta yana da haske, batir yana kai mu dare guda. Maɓallin hagu ne matsalarta. Robar ƙarƙashinsa ta yi laushi bayan sati uku, wani lokaci ta saki a tsakiyar danna, jiran 16 ɗin nan ya sake daga farko. A ƙananan matakai ba ka lura, a na 9 asara ce. Gwajin da sauƙi: a mataki na 0 ka danne hagu, ka duba ko tubalin ya kai bango ba tare da ya yi tuntuɓe sau biyu ba.

Ga yaro mai koyo ko mai kashe dare ta isa kuɗinta. Wanda yake son wuce mataki na 10 ya gwada maɓallan hagu da dama a gaban mai shago kafin ya miƙa kuɗi.