Kodin ko tiramadol, wanne ya fi sauƙi ga yaro?

"Ɗana mai shekara 6 an cire masa tonsil, da daddare yana kukan zafin maƙogwaro. Akwai kodin da tiramadol a gida, wanne ya fi sauƙi in ba shi?"

'Yar'uwa, sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya. Kada ki ba shi ko ɗaya.

Kodin a kan kansa ba wani kashe zafi yake yi ba. Sai ya isa hanta, wani sinadari mai suna CYP2D6 ya juya wani ɓangarensa ya koma mofin, wato maganin kashe zafi mai ƙarfi, mofin ɗin ne ke yin aikin. A jikin yawancin mutane abin da ke juyewa bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba, kuma da wannan lissafin aka tsara awon da ke jikin kwalba. To amma sinadarin nan gadonsa ake yi, ba daidai yake a kowa ba. Wani nasa ba ya aiki, ya sha kodin zafin na nan daram. Wani kuma ya gaji ƙwayar halittar ninki biyu ko fiye, hantarsa na juya maganin da sauri, sai cokalin da aka auna daidai ya zama mofin mai yawa a jini. A wasu al'ummu masu irin wannan jiki ƙalilan ne, a Habasha kuwa an samu kusan kashi 29 cikin ɗari. Kuma ba a gane su da ido.

Mofin idan ya yi yawa, wurin da ke tafiyar da numfashi a ƙwaƙwalwa yake dannewa. Yaro ba zai yi kuka ba, ba zai yi fafutukar neman iska ba. Barci kawai zai yi, numfashin na raguwa, uwa na murna ya samu sauƙi. A 2009 likitoci a Kanada sun ba da rahoton yaro ɗan shekara 2 da aka yi wa irin wannan tiyata, aka ba shi kodin yadda aka rubuta, ya rasu a gida. Da aka bincika, ashe yana cikin masu saurin juyawar. Yaran da ake cire wa tonsil saboda minshari da ɗaukewar numfashi a barci su suka fi shiga haɗari, don dama hanyar iskarsu a matse take, ga kumburin tiyata. Shi ya sa a 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta hana ba yaro ƙasa da shekara 12 waɗannan magunguna biyu, ta kuma hana tiramadol bayan wannan tiyatar har zuwa shekara 18, kamar yadda dama aka hana kodin. Mai shayarwa ma an ce ta guje su, suna bin nono.

Tiramadol kuwa, ba ni da wani alheri da zan faɗa a kansa. Sinadarin nan dai shi ke juya shi, haɗarin ɗaya ne, ga jijjiga irin ta farfaɗiya a kai.

Abin da na ga amfaninsa shi ne farasitamol da ibufurofen. Da aka yi wa 'yata tiyatar, su kaɗai likita ya rubuta, ya ce in bi agogo, kada in jira sai ta yi kuka. Haka na yi, ta riƙa shan ruwa da kanta, barcinta kuma da na taɓa ta take motsawa. Da nauyi ake auna su: farasitamol miligiram 15 ga kowane kilo, duk awa 6. Yaro mai kilo 20 zai sha miligiram 300 ke nan. Idan ruwan maganin mai miligiram 120 a cikin mililita 5 ne, mililita 12.5 za ki ja a sirinji, ba cokalin cin abinci ba. Ibufurofen ki tambayi wanda ya yi tiyatar tukuna, musamman idan yaron ba ya shan ruwa sosai ko yana da ciwon ƙoda. Asfirin kuma a'a, yana jawo zubar jini.

Ki kula da masu sayar da magani marasa tsoron Allah. Wani zai miƙo miki kwalba ya ce ai farasitamol ne mai ƙarfi, alhali gauraye yake da kodin. Maganin tari ma haka. Ki karanta abin da ke ciki da kanki, wanda aka ɓare daga kwalinsa kuma ki bar masa kayansa.

In kuma har an riga an ba shi, ki zauna kusa da shi. Idan ya yi wuyar tashi, numfashi ya yi jinkiri ko yana gurnani, leɓe ya canja launi, baƙin ido ya tsuke kamar bakin allura, ki kwantar da shi a gefe ɗaya, a garzaya asibiti nan take da kwalbar a hannu. Akwai allurar naloksan da ke warware aikin mofin, amma sai an isa da wuri.