Asibitin ya yi daidai da ya hana ni antibiyotik, amma ɗakin awonsa ya ɓata mini rai

Abin da ya kai ni wani asibitin kuɗi a nan Maradi shi ne nauyi da zogi tsakanin maraina da dubura, wanda ke tsananta idan na daɗe a zaune ko na hau babur, ga yawan fitsari da dare, kuma yana fita a tsinke. A wurin da na fara zuwa an kira shi ciwon sanyi, aka rubuta mini wani antibiyotik mai suna sifuro ba tare da awo ba, ciwon bai gusa ba.

A wannan asibitin likitan ya fara da tambaya ko ina zazzaɓi da makyarkyata, sannan ya sa safar hannu ya taɓa furostat, wato ƙullutun da ke ƙasan mafitsarar namiji, ta dubura, ya ce ta ɗan yi tsami amma ba ta kumbura ba. Da na nemi magani mai ƙarfi sai ya ce: "Malam, sai mun ga ƙwayar cutar tukuna." Ya bayyana mini cewa idan ƙwayar cuta ce ta afka wa furostat farat ɗaya, mutum kan kwanta da zazzaɓi mai zafi da raɗaɗin fitsari, kuma nan antibiyotik wajibi ne na mako 2 zuwa 4, idan fitsari ya tsaya cak kuwa, asibiti za a nufa a daren. Wanda cutar ke tafiya tana dawo masa, awo kuma yana nuna ƙwayar, yakan sha na mako 4 zuwa 6, domin magani ba ya ratsa furostat da sauƙi. Amma mafi yawan masu irin ciwona ba a samun ƙwayar cuta a jikinsu. Awon fitsarina na ECBU, wanda ake neman ƙwayar cuta da shi, a ƙarshe bai nuna komai ba, don haka ya ɗora ni a kan tamsulozin mai sassauta hanyar fitsari, da maganin rage zogi, da zama cikin ruwan ɗumi. Fitsarin ya saki, zogin ya ragu ko da yake bai tafi duka ba.

Da a nan aka tsaya da na yaba musu ba tare da ƙorafi ba. Sai dai a ɗakin awo an miƙo mini kwalba kawai, ba wanda ya ce in wanke gaba, in zubar da farkon fitsarin in tari na tsakiya, kuma ba wanda ya tambaye ni ranar da na daina shan sifuro, alhali ragowarsa na iya ɓoye ƙwayar cutar. Sakamakon farko ya fito a gurɓace, aka sa na sake awon, na kuma sake biya cif, ko haƙuri ba a ba ni ba. Likitan zan koma wurinsa, amma awo a wani wuri zan yi.