IDW ko kirigin: wanne ya dace da taswirar ruwan saman jihar Maraɗi?

Duk wanda aka ba aikin zana taswirar ruwan daminar bana a jihar Maraɗi, abin da ke hannunsa bai wuce jerin lambobi ba: milimita kaza a Madarunfa, kaza a Gidan Runji, kaza a Tasawa, Mayahi da Dakoro. Ma'auni yana faɗin abin da ya zuba a bakinsa ne kaɗai. Garuruwan da ke tsakani kuwa sai an ƙiyasta musu, kuma hanyoyi biyu aka fi kamawa, wato IDW, mai auna nauyi da kusanci, da kirigin. Kuɗi ba shi ne matsala ba, don manhajojin QGIS da R kyauta suke. Abin da mutum zai biya shi ne lokacinsa, da kuma yawan tashoshin da kowace hanya take nema kafin ta faɗi gaskiya.

IDW lissafi ne da za a iya yi a bayan takarda. Kowace tasha ana ba ta nauyi gwargwadon kusancinta da wurin da ake ƙiyasta wa, da ƙa'idar 1/d^p, inda d shi ne nisa, p kuma lambar da kai za ka zaɓa. Mu ƙaddara wani ƙauye yana da tashoshi uku kewaye da shi: ɗaya a kilomita 10 ta samu milimita 520, ɗaya a kilomita 20 ta samu 460, ta uku a kilomita 40 ta samu 380. Idan p ya zama 2, nauyinsu zai tashi 16 da 4 da 1, jimla 21. Sai a ninka kowane ruwa da nauyinsa, a tara, a raba da 21, a samu milimita 502. Idan aka mayar da p zuwa 1, nauyin ya koma 4 da 2 da 1, amsar kuma ta sauka zuwa 483. Tashoshin ba su canza ba, ruwan bai canza ba, amma an samu bambancin milimita 19 daga lamba ɗaya tak. A QGIS gurbin sunansa `Distance coefficient P`, yana zuwa da 2 a ciki, kuma yawancin mutane haka suke barin sa ba tare da sun gwada wata ba.

Ribar IDW a fili take: ko tashoshi goma gare ka zai ba ka taswira, kuma za ka iya bayyana wa shugaban ofis yadda aka yi cikin minti biyar. Aibinsa ma a kan taswirar ake ganin sa. Kowace tasha sai ta fito da zagaye a kewayenta kamar an jera faifai a ƙasa, musamman in p ya yi girma. Sannan bai san cunkoso ba. In akwai ma'auni uku a birnin Maraɗi da kewayensa, ɗaya kuma can nesa shi kaɗai, zai ɗauki ukun nan a matsayin shaidu uku, alhali kusan hadari ɗaya suka gani.

Kirigin ya samo sunansa daga Danie Krige, injiniyan haƙar ma'adinai na Afirka ta Kudu, wanda ya fara aikin a 1951, daga baya Georges Matheron na Faransa ya tsara lissafinsa. Shi ba ya barin ka ka zaɓi nauyi da ka. Yana ɗaukar tashoshin biyu-biyu, ya duba yadda bambancin ruwansu yake ƙaruwa da ƙaruwar nisa, ya fitar da zanen da ake kira bariyogiram. A zanen za ka karanta abu uku. `nugget` shi ne bambancin da ke nan ko tashoshin suna maƙwabtaka, wanda a Sahel ba ƙarami ba ne, tunda hadari kan jiƙa wannan gona ya tsallake waccan. `range` shi ne nisan da in aka wuce shi tasha ba ta da labarin 'yar'uwarta. `sill` kuma shi ne inda zanen ya daina hawa. Daga nan nauyin yake fitowa, kuma tashoshin da suka cunkushe sai su raba nauyi ɗaya a tsakaninsu. Yana kuma ba da taswira ta biyu mai nuna inda ƙiyasin yake da rauni, abin da IDW ba ya yi.

To amma bariyogiram yana cin tashoshi. Tasha 12 tana ba da haɗi 66 ne kawai, in ka raba su rukuni takwas na nisa, kowane rukuni ya tashi da kamar takwas, ɗigon ya watse, layin da ka dora a kai kuma son ranka ne kawai. Masana fannin sun fi natsuwa da wurare 100 ko fiye, ƙasa da 50 kuwa sai a yi hattara. Alamar lalacewa ba ta ɓuya: ko zanen ya kwanta shimfiɗe, taswira ta fito kusan launi ɗaya, ko ya yi ta hawa bai tsaya ba.

Wannan hawan da ba ya tsayawa shi ne ainihin maganar Maraɗi, kuma a ganina ya fi zaɓen hanyar kansa muhimmanci. Ruwa yana raguwa daga kudu zuwa arewa, a jimlar shekara wajen milimita ɗaya kowace kilomita. Abin da Madarunfa ke samu a bakin iyakar Najeriya ya yi wa na Barmo nisa ƙwarai. IDW ba ya taɓa fitar da lamba ƙasa da mafi ƙarancin abin da aka auna, kuma in ya yi nisa da tashoshi sai ya karkata zuwa matsakaici. Saboda haka arewacin Dakoro, inda ma'aunai suka yi ƙaranci, zai fito a jiƙe fiye da gaskiya, mai tsara maganar kiwo ya ruɗu. Kirigin na yau da kullum ma yana faɗawa wannan rami, don yana ɗauka matsakaicin ruwan bai canza ba. Maganin shi ne a fara cire gangaren: a ja layi tsakanin ruwa da nisan arewa, a yi ƙiyasi a kan ragowar da ta saura, sannan a mayar da layin. Ana iya yin haka da kowace daga cikin hanyoyin biyu. Kafin komai dai a juya wuraren tashoshin zuwa mita da `EPSG:32632`.

Kada kyan launi ya yi maka alƙalanci. A cire tasha ɗaya, a ƙiyasta ta da sauran, a dubi kuskuren, a maimaita wa kowace tasha. A R da `gstat` ga yadda yake, inda `y` shi ne nisan arewa, `k` kirigin ne mai gangare, `i` kuma IDW ne da ba a cire masa gangare ba:

```
v <- variogram(ruwa ~ y, tashoshi)
m <- fit.variogram(v, vgm("Sph"))
k <- krige.cv(ruwa ~ y, tashoshi, model = m)
i <- krige.cv(ruwa ~ 1, tashoshi, set = list(idp = 2))
sqrt(mean(k$residual^2)); sqrt(mean(i$residual^2))
```

Wanda lambarsa ta fi ƙanƙanta shi ya fi. A kuma duba kuskuren tasha-tasha: in na arewa duk an zarce musu, na kudu duk an rage musu, gangaren bai fita ba.

Mai tashoshi ashirin ko talatin na ma'aikatar noma, ya cire gangare ya yi IDW, ya gwada p daga 1 zuwa 3. Wanda ya iya haɗo na Damagaram, Tawa da Katsina har suka haura hamsin, kuma jimlar damina ko ta wata yake zanawa, kirigin mai gangare ya cancanci wahalarsa, ga shi kuma tashoshin maƙwabta suna gyara gefen taswira. Ruwan kwana ɗaya kuwa maganarsa daban ce: rabin tashoshi sifili ne, IDW zai yayyafa ruwa inda ko ɗigo bai sauka ba, kirigin kuma yana iya ba ka lamba ƙasa da sifili. A nan gara a tara na kwana goma-goma, yadda hukumar yanayi ta ƙasa take fitar da rahotonta, sannan a zana.