Asusun yau da kullum ko na ajiya: karanta ƙananan kuɗin da banki ke cirewa kafin ka zaɓa

Ɗan kasuwar Tawa da zai buɗe asusu yakan tambayi abu ɗaya: nawa zan fara zubawa? Tambayar da ta fi wannan amfani ita ce nawa asusun zai ci a shekara ko da ba a taɓa shi ba. Amsar tana cikin layuka uku da ke maimaituwa a takardar shige da ficen kuɗi: kuɗin riƙon asusu, kuɗin kati, da kuɗin tambur.

Na farko shi ne wanda ake rubutawa "Frais de tenue de compte". Ladan banki ne na riƙe maka asusu, kuma a bankunanmu na sefa lokaci yake bi, ba ya duban yawan hada-hadarka. Wani banki yana cirewa kowane wata, wani duk wata uku. Ka yi cinikin miliyan goma ko ka bar asusun kwance, ranar cirewa in ta zo sai an cire. A nan ne bambancin asusun biyu ya fi fitowa fili. Tun 1 ga Oktoba 2014 babban bankin BCEAO ya wajabta wa bankunan ƙasashen sefa na yammacin Afirka yin ayyuka 19 kyauta, kuma riƙon asusun ajiya mai littafi yana cikinsu. Riƙon asusun yau da kullum, wato mai takardar cek, ba ya ciki. Kowane banki shi ke yanka nasa farashin, amma dole ya manna jadawalin inda jama'a za su gani. Ka karanta shi kafin ka sa hannu, ka kuma tambayi ma'aikacin ko farashin da aka rubuta ya haɗa da haraji. In ka ga "HT" a gefen adadi, haraji zai hau kai. In "TTC" ne, an riga an haɗa.

Abin da ya fi ba ni takaici game da wannan layi shi ne asusun da aka watsar. Mutum ya buɗe lokacin kakar albasa, kaka ta wuce, ya kwashe kuɗinsa ya bar jikka biyu. Wata-wata ana cirewa har asusun ya koma bashi, sai wani sabon layi ya bayyana, "Agios", wato kuɗin ruwa a kan bashin da bai san ya ci ba. Alamarsa ita ce ragowar kuɗi ta koma ɓangaren "Débit". Rufe asusu kyauta ne a ƙarƙashin waccan ƙa'ida ta 2014, don haka wanda ya gama da asusu ya je ya rufe shi a rubuce, ya karɓi shaida.

Kati kuwa biya biyu gare shi, kuma mutane sukan haɗa su. Akwai "Cotisation carte", kuɗin mallakar katin, galibi sau ɗaya a shekara. Akwai kuma kuɗin amfani da shi. Cire kuɗi a na'urar bankinka kyauta ne, haka biyan kaya da kati a cikin ƙasashen sefa na yammacin Afirka. In ka shiga na'urar wani banki da katin GIM-UEMOA, wato katin haɗin gwiwar bankunan yankin, sefa 500 ne kowace cirewa, ko jikka biyar ka ɗauka ko hamsin. Katin Visa ko Mastercard ya fi tsada a shekara, kuma amfaninsa na mai fita wajen yankin sefa ne ko mai sayayya ta intanet. Wanda tafiyarsa ba ta wuce Tawa, Ƙonni, Yamai da Kwatano, katin GIM ya ishe shi. Abin dubawa kafin zaɓe shi ne ko bankin yana da na'ura a garin da kake kwana.

Tambur daban yake da waɗannan biyun, don ba na banki ba ne. Harajin gwamnati ne, banki karɓa kawai yake yi ya miƙa. Shi ya sa ƙa'idar 2014 da ta ce zuba tsabar kuɗi a bankinka kyauta ne ta ware kuɗin tambur a gefe. Canza banki ba zai raba ka da shi ba, kuma ba ya cikin abin da za ka yi ciniki a kai. Inda ake cire shi a kan kowace takardar zubi, dabarar ita ce a rage yawan zuwa gishe.

Bari mu ɗauki misali da ƙiyasi, ba farashin wani banki ba. Mai sayen albasa a Galmi yana barin sefa 500,000 a asusu duk shekara. A ce riƙon asusun yau da kullum sefa 2,000 ne a wata, kati 10,000 a shekara. Ya biya 24,000 da 10,000, wato 34,000, kafin haraji. In asusun ajiya ne da irin wannan kati, 10,000 kawai ya biya, kuma ribar kashi 3.5 cikin ɗari da ake ba asusun ajiya ta kawo masa 17,500, ga wanda ke karɓarta. To amma in bankin nasa ba shi da na'ura kusa, yana cirewa a na wani sau huɗu a wata, 2,000 ke nan a wata, 24,000 a shekara. Duk kuɗin riƙon da ya tsira da shi ya koma. Asusun ajiya kuma ba ya ba da takardar cek, ba a cin bashi a kansa. Wanda ke biyan masu manyan motoci da cek, ko yake neman rancen kaka, ya san abin da 24,000 ɗinsa ta saya. Wanda zuba da cirewa ne kawai aikinsa, ban ga dalilin da zai biya ta ba.

Masu tsallaka Ƙonni zuwa Illela da Sakkwato da yawa suna da asusun naira ma, kuma lissafin can a juye yake. Bisa jadawalin babban bankin Najeriya na 2020, "Account Maintenance Fee" na asusun yau da kullum yana bin kuɗin da ka fitar ne: iyakarsa naira 1 a kan kowace 1,000. Ka tura naira miliyan 2 kuɗin kaya, a cire 2,000, a ƙara harajin kashi 7.5 cikin ɗari a kanta, ya zama 2,150. Asusun ajiya ba ya da wannan layi. Shi jadawalin ya ɗora masa naira 50 duk wata uku ta kula da kati. Ke nan a can asusun da ke kwance ba ya cin kuɗin riƙo, mai motsi shi ke ci, saɓanin namu.

Tambur ɗinsu naira 50 ce a kan kowace turawa ta naira 10,000 zuwa sama. Shekarun baya ana ganinta da sunan "EMTL" a asusun wanda aka tura wa. Daga Janairun 2026 ta koma "Stamp Duty", kuma mai turawa ke biya. Ba ta ƙaruwa da girman kuɗi. Turawa goma ta dubu goma-goma naira 500 ce, turawa ɗaya ta dubu ɗari naira 50. Wanda ke biyan dillali ɗaya sau da yawa a rana, gara ya tara ya tura sau ɗaya da yamma.