Farashin Kwaya Ɗaya da Jimillar Darajar Kasuwa

Farashin kwaya ɗaya na kuɗin kirifto abin da za ka biya kawai yake nuna maka, amma jimillar darajar kasuwa, wato farashin nan idan aka ninka shi da adadin kwayoyin da ke yawo a hannun jama'a, ita ce ke nuna girman da kuɗin ya riga ya kai.

A ɗauki kuɗin kirifto na Shiba Inu, wanda farashinsa bai kai ko kusa da santi ɗaya na dalar Amurka ba, alhali kwayoyinsa da ke yawo sun kusan tiriliyan 589. Mai saye yana ganin jerin sifirai a wayarsa, ya zuba naira dubu goma, ya ga dubban ɗaruruwan kwayoyi sun shigo, sai ya ɗauka ya tsinci dami a kala, yana jiran ranar da kwaya za ta kai dala ɗaya. Wannan fata tana damuna ƙwarai, domin a ranar darajar Shiba Inu za ta zama dala tiriliyan 589, wato kimanin ninki biyar na abin da duniya baki ɗaya take samarwa a shekara.

Bitkoyin kuwa ba zai taɓa wuce kwaya miliyan 21 ba, shi ya sa kwayarsa take da tsada, kuma ana iya sayen ɗan gutsurensa. Idan farashinsa ya ninka, wanda ya zuba naira dubu goma ya samu dubu ashirin, daidai da mai Shiba Inu idan nasa ya ninka.

Darajar kasuwar ma tana da iyakarta, domin ba ta ƙirga kwayoyin da aka kulle ba a fitar da su kasuwa ba tukuna, waɗanda sakinsu kan karya farashi.