Sunan Ɗiyata a Manchester da Littafin Matar Zauren Taro

Kwana biyu da haihuwar ɗana na fari na shiga wani zauren taro a unguwarmu a Manchester, na ce ina son wuri ranar Asabar mai zuwa, mutum 80. Matar ta juyo mini da littafinta ba tare da ta ce uffan ba. Duk Asabar ɗin wata uku masu zuwa an kama. Sai ta tambaye ni, cikin ladabin nan nasu mai ciwo, ko ban san za a haifi yaron ba ne. Kunya ta kama ni har wuya. A gida wa ke neman zaure? Ka tare layi da rumfa, maƙwabta su fito da tabarmi, magana ta ƙare.

Wancan sunan a falo muka yi shi, takalma har kan matakala.

Da aka samu ciki na biyu, wani dattijo a masallacinmu ya ce, "Ɗana, raba raɗin suna da walima." Dabarar ke nan. Ranar suna ba a hannunka take ba, tana bin haihuwa, amma walima kai ke yanka mata rana. Asibiti sun ba mu 10 ga Mayu. A nan ba kasafai suke barin ciki ya wuce mako 42 ba, wato 24 ga Mayu, in ka ƙara kwana bakwai ka kai ƙarshen wata. Sai na kama Asabar ta biyu a Yuni tun watan Fabrairu, na biya kafin alƙalami, aka rubuta mini ranar da zan iya fasawa ba asara.

Mai abinci ta ce adadin baƙi ya iso mata saura kwana bakwai, bayan nan ko faranti ɗaya ba ƙari. Na yi ta gunaguni, don Bahaushe ba ya ƙirga baƙonsa. Amma ƙarfe ɗaya ta ce, ɗaya saura minti goma tana bakin ƙofa. Telanmu na Kano kuwa, da na ba shi ɗinkin anko wata biyu kafin lokaci, har yau "gobe in sha Allah" yake ce mini. Allah ya so uwargida ta tanadi leshin da ke cikin akwatinta.

Rago ba a yanka shi a tsakar gida a nan. Na yi magana da mahaucin halal tun da wuri, na kuma bar kuɗin rago a hannun Yaya a gida, ko da mahauci ya gaza. Haka ko aka yi. Yarinya ta zo 19 ga Mayu, mayanka ta ce sai kwana uku bayan ranar suna, sai Yaya ya yanka a ƙofar gidanmu ranar suna da hantsi. Ni na aske mata kai da hannuna, ba wanzami, ba maroƙi, ina kallon hoton naman a waya.